Ƙarfi, juriya, zafin nama: me kowa ya gani a jikinsa?

Ɗan Baya:
Salamu alaikum jama'a. Ina buga baya a ƙungiyar unguwarmu, ina kuma ɗaga ƙarfe. Nakan tsuguna da kilo 100 a kafaɗa in miƙe, amma sau ɗaya tak. To ga abin da ke ɗaure min kai: akwai wani siririn yaro a cikinmu da ko kilo 60 ba ya iya tashi da shi, amma duk ƙwallon da ta zo ta sama shi ke riga ni sa mata kai. Kuma ana dawowa daga hutun rabin lokaci cinyoyina sun fara nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan a jikinsa ya ba mu labari, da abin da ya yi a kai.

Mai Buhu:
Wa alaikumus salam. Ni dako nake yi a kasuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma mukan sauke mota guda ba mu zauna ba. Masu ƙwanjin nan na gidan ƙarfe idan suka zo neman na cefane, buhu biyu suke ɗauka lokaci guda don burga, kafin a ci rabin mota sun nemi inuwa. Ƙarfin ƙarfe iska ce, ɗan'uwa. Ka ajiye shi ka kama aiki, sauran duk za su zo.

Koci:
Mai Buhu, abin da ka gani gaskiya ne, hukuncin da ka yanke ne bai cika ba. Wanda ya ɗauki buhu biyu ai ba iska ya ɗauka ba. Ya fi ka ƙarfi, ka fi shi juriya, kowa jikinsa ya koyi abin da aka saba masa.

Na daɗe ina horar da matasa, kuma haka nake raba musu abin. Ƙarfi shi ne iyakar nauyin da tsoka za ta iya motsawa, ko da a hankali ne. Juriya ita ce ta yi ta maimaita aiki matsakaici ba ta sare ba. Zafin nama kuwa shi ne ƙarfin da kake iya fitarwa farat ɗaya. Tsalle ba ya jira: daga lanƙwasa gwiwa zuwa barin ƙasa ba a cika sakan ɗaya ba, alhali miƙewa da kilo 100 kan ɗauki sakan biyu ko uku ana nishi. Yaron nan bai kai ka ƙarfi ba, amma ɗan abin da yake da shi yana fitowa kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Naka yana hanya, ƙwallo ta wuce.

Mu yi lissafi da kilo 100 ɗin naka. Don ƙarfi, ɗora kilo 80, ka tsuguna sau huɗu ko biyar, ka huta minti uku, ka yi zagaye huɗu. Ranar da ka gama duka bayanka bai lanƙwashe ba, sai ka ƙara kilo biyu da rabi. Don juriya, sauko zuwa kilo 40, sau ashirin, hutu kada ya wuce minti ɗaya, domin a nan gajiyar ake nema. Don zafin nama, fara da jikinka kawai, daga baya kilo 20: ka ɗan tsuguna ka yi tsalle iya ƙarfinka sau uku zuwa biyar, sannan ka huta minti biyu ko uku.

Ɗan Baya:
Koci, tsalle biyar sai hutun minti uku? Ko zufa ba zan yi ba. Mu a fili tsallen kwaɗo muke yi daga wannan raga zuwa waccan.

Koci:
Shi ya sa ba ka tashi sama. Tsoka tana da wani ɗan tanadi na gaggawa da take ƙonawa idan aka nemi iyakar ƙarfinta, kuma ba ya wuce sakan goma. Kafin ya dawo sosai sai an huta minti uku ko fiye. Idan ka ci gaba da tsalle bayan ya ƙare, kowane tsalle ya fi na baya gajarta, kana koya wa ƙafa tashi a sanyaye ke nan. Tsallen kwaɗon naku aikin juriya ne, kuma ga gwiwa yana ci.

Ga yadda za ka gane. Shafa alli a yatsa, tsaya jikin bango ka miƙa hannu ka yi alama, sannan ka yi tsalle ka sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce ma'auninka. Yayin atisaye, da zarar ka ga yatsa ya daina kai wa inda ya kai da farko, zagayen ya ƙare, ko da ba ka ji gajiya ba. Ka yi tsalle a farkon atisaye bayan ɗumama jiki, ƙarfe mai nauyi ya biyo baya, juriya ta zo ƙarshe. Sau biyu a mako ya isa, da kwana biyu a tsakani. Ka sauka a kan yashi ko ciyawa, gwiwa a lanƙwashe, kada ta karkato ciki.

Maman Walid:
Ni dai tunda ana zancen motsa jiki, wanne ne a ciki yake rage tumbi? Kullum da asuba ina tafiya.

Koci:
Hajiya, wannan zancen abinci ne mafi yawa, a buɗe masa nasa zauren. Ki ci gaba da tafiyar, amma ita zuciya da numfashi take ginawa, ba ita ce juriyar tsokar da muke magana a kai ba.

Tsohon Ɗan Dambe:
Wannan ta ƙarshe na gani da idona. Lokacin da muke yi, na san masu gudun safe da ba sa haki ko kaɗan, amma a turmi na uku hannun da suke karewa da shi sai ya fara sauka da kansa, kafaɗa ta mutu. Numfashi yana nan, tsokar ce ta gaji. Abin da muke yi shi ne riƙe hannu a miƙe muna zagaye har kafaɗa ta yi zafi, a ɗan huta a koma. Shi kuwa hannun duka, jifan dutse mai ɗan nauyi muke yi, kaɗan kaɗan, ana juya ƙugu. Naushi daga ƙafa yake tasowa.

Sai dai Koci, ban yarda da ƙarfe mai nauyi ba. Duk wanda na ga ya rungume shi, hannunsa ya yi sanyi.

Koci:
Baba, na ga irinsu. Yawanci sun bar jifa da naushin ne suka koma ƙarfe zalla, irin na tara ƙwanji, sau goma sha biyu a hankali har tsoka ta kumbura. Wanda bai da ƙarfi sosai, kamar siririn yaron can, idan ya ƙara ƙarfi tsallensa ma ƙaruwa yake yi. Shi Ɗan Baya da ya riga ya tara, ribarsa yanzu tana wajen sauri.

Tsohon Ɗan Dambe:
A ƙafa wataƙila. A hannu sai na gani.

Ɗan Baya:
Na gode Baba, na gode Koci. Saura nauyin cinya bayan hutun rabin lokaci. Kilo 40 sau ashirin ɗin ne maganinsa, ko gudu?

Koci:
Ka lura da abin da ke fara tsayar da kai. In haki ne, gudu ne ya yi maka kaɗan. In numfashi lafiya amma cinya ta ƙi, ka haɗa kilo 40 ɗin da gajerun gudu masu ƙarfi, kamar mita 30 ana maimaitawa da ɗan hutu. Nauyin jikinka nawa ne? Kilo 100 a kafaɗar mai kilo 65 daban, a kafaɗar mai kilo 95 daban.

Ɗan Baya:
88 ne, kuma cinyar ce ke fara ƙi.

Mai Buhu:
To ka zo kasuwa ranar Asabar, akwai motar siminti.