Sau ɗaya nake cin abinci a rana, amma sikeli ya tsaya cak

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Nauyina kilo 84. Bayan asuba nakan yi tsallen igiya da tafiya na minti 40. Da safe shayi ba sukari, sai la'asar in ci kabeji da ƙwai ɗaya. Da farko na sauke kilo 4, yanzu shiru, ga jiri da zarar na fara tsalle. In cire ƙwan ne ko in ƙara lokaci?

Ummu Sadik: Ruwan ɗumi da lemon tsami kafin ki karya. Shi ke nan.

Koci Bash: Hajiya, kar ki cire komai, ƙari za ki yi. Kilo 4 ɗin nan rabinsa ma zai iya zama ruwa, don sikarin da tsoka ke ajiyewa tare da ruwa yake zama. Da ya yi ƙasa sai jiri da kasala. Kuma in yunwa ta daɗe, jiki tsimi yake yi: ki lura, bayan tsallen ba kwanciya kike wuni yi ba? Shara da kai-kawon da kika rage sun cinye ribar igiyar. Ga tsoka na zaizayewa, ita ce kuwa mai ƙona abinci ko kina zaune. Ki ci sau uku, misali ƙwai biyu ko alale da safe, tuwo malmala ɗaya da kifi ko wake da rana. Rabin kilo a mako ya isa.

Zee Kaduna: Ai in ba ka ci, jiki ko iska ka shaƙa kitse yake mai da ita.

Koci Bash: Bai kai nan ba. Kitse na raguwa, a hankali ne. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne ranar da yunwa ta ci ƙarfin mutum ya afka wa tukunya.

Anti Balki: Ni na ga tasku. Haka na yi kafin bikin ƙanwata, ga shayin rage ƙiba da na saya wurin wata a Instagram. Gashina ya dinga zuba a matsefi, al'adata ta ɗauke, sanyi nake ji ana tsakiyar zafi. A wurin kamu na yanke jiki na faɗi. Bayan biki kilo 7 ya dawo da 'yan rakiya.

Ɗan Baba: Anti, 'yan rakiyar sun samu kuɗin mota? 😂

Ummu Sadik: Koci ƙwai biyu kake cewa, kiret dubu 6 ne fa.

Zee Kaduna: Ina? Dubu 5 na saya jiya.

Anti Balki: Wanda al'adarta ta ɗauke likita za ta gani, ba mai ɗaga ƙarfe ba.

Koci Bash: Wannan gaskiya ne, Anti. Ita ma mai jirin ta auna jininta.

Maman Ilham: To alalen kafin tsalle ko bayan?

Zee Kaduna: Anti Balki, mai shayin nan ba wadda ke toshe mutum in ya yi ƙorafi ba ce? Dubu 15 ta ci min, zawo kawai na yi ta yi.