Yaya zan kare kiyasin lokacin aikina a gaban malamai?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, saura kwana 9 in tsaya kare binciken kammala digirina a fannin tafiyar da ayyuka, kuma wata tambaya ta hana ni barci.

Na yi nazari ne kan jinkirin ginin ajujuwa 6 a wata makarantar firamare. A babi na 4 na yi amfani da PERT, wato hanyar fitar da matsakaici daga kiyasi uku, wajen kiyasta lokacin kowane mataki. Aikin rufi, alal misali: in komai ya tafi daidai kwana 8, yadda aka saba kwana 11, in abu ya ɓaci kwana 20. Da `(a + 4m + b)/6`, inda a yake 8, m yake 11, b kuma 20, na samu kwana 12.

Lissafin bai dame ni ba. Ranar gwaji ne malamina ya ajiye biro, ya ce, "Wa ya ba ka 8 da 20 ɗin nan?" Na yi tsuru-tsuru, domin gaskiya daga bakin ɗan kwangila ɗaya da kafintansa na samo su, babu takarda ko ɗaya. Kuma rufin yana cikin jerin matakan da jinkirinsu ke jinkirta ginin gaba ɗaya, in alkalumansa suka rushe babin ya tafi.

To, in malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya maimaita tambayar, in amsa cewa rauni ne, ko in nemi ƙarin 'yan kwangila biyu kafin ranar? An riga an ɗaure kundin, shin ana karɓar sabbin alkaluma da baki?