Neman shawara: wa zan tambaya labarin hanyar Maga kafin in tashi daga Marwa?

Sani, Domayo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya aike ni Maga in ɗauko shinkafa buhu 40 ranar Talata, da mota Daina ta haya. Ga shi muna ƙarshen Agusta. Na je tasha, wani ya ce hanya lafiya lau, wani ya ce kada in kuskura. Wa zan yarda da shi, direbobi, rediyo ko waya?

Nura: Wa alaikumus salam. Sani, buɗe Google Maps kawai ka sa Maga. In akwai matsala za ka ga layin ya yi ja, in babu ka kama hanyarka.

Malam Buba direba: Nura ɗana, a cikin gari maganarka tana da hanya, amma ban da bayan Bogo. Jan layin nan daga wayoyin mutanen da ke tafiya a kan hanyar ake samunsa. Inda motoci ba su da yawa, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, ba abin da zai nuna maka. Zai ba ka nisa da sunayen garuruwa, wannan kam yana da amfani, amma lokacin isa da yake rubutawa na rani ne.

Sani, mutanen nan biyu da ka tambaya mai yiwuwa kowannensu gaskiya ya faɗa maka. Ɗaya ya bi hanyar shekaranjiya da rana, ɗaya ya biyo ta jiya bayan ruwa. Labarin hanyar ƙasa a damina ba ya kwana. Saboda haka kafin ka saurari abin da mutum zai ce, fara tambayarsa yaushe ya baro can, da ƙarfe nawa. In ya ce maka ji ya yi, ka yi masa godiya ka wuce.

Wanda kake nema shi ne direban da ya shigo yanzu daga Pus ko Maga, laka ba ta bushe a jikin motarsa ba. Kada ka tsaya wurin mai lodi, shi yana jiran fasinja ne, da wuya ya ce maka hanya ta lalace. Kamasho ma haka. Kuma ka nemi mai mota irin taka. Ɗan acaba zai ce maka ya wuce lafiya, alhali shi ta gefen gona ya ratsa, wani wurin ma matasa ne suka ɗaga masa babur. Mai Hilus yana ja da ƙafa huɗu. Kai Daina gare ka mai ja da baya kawai, za ka tafi wayam ka dawo da nauyi.

In ka same shi, kada ka ce masa "yaya hanya?", don amsar ita ce "alhamdu lillahi". Ka ce: a ina ka tsaya? Ruwa ya kai ina a jikin motar, rabin taya ko ƙofa? Gudu yake ko kwance yake? Ka ga babbar mota ta kafe, kuma ta tare hanya ko akwai wurin ratsewa? Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ke mantawa. Sau da yawa hanyar za ta biyu, amma tirela guda ta nutse a tsakiya, kowa ya yi layi a bayanta har a samo abin ja.

Alhaji Isa: Ni dai abin da zan ce, ka tabbata takardun motar sun cika, inshora da bizit, wato takardar binciken lafiyar mota, da katin shaidarka. Shingaye sun yi yawa yanzu, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Malam Buba direba: Gaskiya ne Alhaji, sai dai yaron maganar ruwa yake yi. Amma ka tuna min da wani shingen. A hanyoyin ƙasa akwai bariyar ruwan sama, wadda ake rufewa in ana ruwa don kada manyan motoci su kwaɓe hanya. Doka ta ɗora ta a kan motar da nauyinta da kaya ya kai tan 3 da rabi. Sani, lissafa: buhu 40 in mai kilo 50 ne, tan 2 ke nan, ka haɗa da nauyin motar kanta, kun wuce. In an rufe, sai ruwa ya ɗauke an jira ƙasa ta tsane kafin a buɗe muku. Ka tambayi direban ko ya tarar da bariya a rufe a wani wuri.

Hajiya Dudu: Ɗana Sani, bari in ba ka nawa. Bara muna dawowa daga kasuwar Pus da busasshen kifi, rana tas, ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba. Muka iso wani mayo, wato rafi, da muka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, muka tarar ya cika baki da baki, ja wur, yana ɗauke da itatuwa. Direbanmu ya kashe mota ya ce ba inda za shi. Wasu fasinjoji suka yi ta faɗa, shi ko ya sauka ya kafa kara a bakin ruwan, ya ce in ruwa ya ja baya ya bar karan a tudu, to a yi magana. A nan muka yi magariba da isha. Sai can cikin dare ya sauka, da asuba muka wuce. Tun daga ranar, in zan tafi, ina kiran wata ƙawata a Mokolo in ji ko an yi ruwa a wurinsu.

Injiniya Hamadu: Hajiya ta taɓo inda maganar take. Ruwan da ke tare hanyar nan iri uku ne, kuma kowanne da wanda ya san labarinsa.

Na farko ruwan da ya sauka a kan hanyar kanta. Yankin Girbidik zuwa Maga akwai karal da yawa, baƙar ƙasar nan da ake dasa masakwa, mai tsagewa da rani. In ta sha ruwa tana kumbura, ta yi santsi, ta cika zanen taya har taya ta koma sumul. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne sama takan bushe da rana ɗaya ta yi ɓawo, ƙasa kuwa tana nan da taushi. Motar da ba kaya za ta hau ta wuce, mai kaya ta fasa ɓawon ta zauna a kan cikinta. Labarin wannan yana wurin direbobi da mutanen ƙauyen da ke bakin hanya.

Na biyu ruwan mayo. Mayo Tsanaga daga duwatsun Mandara yake saukowa, wajen Mokolo, ya ratsa Marwa ya nufi Bogo. Hadarinmu kuma yawanci daga gabas yake tasowa ya yi yamma. Ke nan hadarin da ya wuce ta kanka da yamma yana iya zuwa ya zuba a kan dutse, ruwansa ya biyo mayo ya dawo ya tare ka bayan wasu awoyi, sama tana fes. Irin wannan yana cika da sauri, yana sauka da sauri. A nan ne waya ke da amfani, Nura. Manhajar yanayi mai nuna hoton gajimare, irin Windy, za ta nuna maka ko hadari ya taru a kan Mandara cikin dare. Ba ta san hanya ba, kuma hasashenta na cewa za a yi ruwa a gari kaza da ƙarfe kaza yana yawan kucewa a nan, amma babban hadari kan fito a hoton. Kai da kake Marwa ma kana da abin da ya fi manhaja: da asuba ka je gada ka dubi mayo da idonka. Abin da ka gani a nan yana kan hanyarsa ta zuwa gaba.

Na uku shi ne wanda nake tsoro, ruwan kogin Logon da na tafkin Maga. Wannan ba ruwan yau ba ne. Daga kudu yake tahowa, yana hawa a hankali daga Agusta, ya kai ƙololuwa wajen Satumba zuwa Oktoba. In ya haura ko ya fasa dik, wato gangar ƙasar da ke tare ruwan, ya kwanta a kan hanya, ba maganar jiran awoyi, makonni ake yi. Kun tuna 2012, kun kuma ga abin da ya faru a yankin Mayo Danay a 2024, har gada ta karye a Yagwa. Irin wannan labarin ne rediyo ke kawowa: sanarwar hukuma, fashewar dik, karyewar gada. Don haka ka kunna CRTV ta Marwa daren Litinin da safiyar Talata.

Nura: To Injiniya, rediyon ai sai abu ya faru ya kwana suke faɗa. Zauren WhatsApp na direbobi ya fi su sauri nesa ba kusa ba.

Injiniya Hamadu: Ya fi sauri, ban musa ba. Amma a can ne kuma ake yaɗa bidiyon bara a ce na yau ne. In an turo hoto, Sani, ka nemi wanda ya ɗauka da hannunsa ya yi maka magana da murya, ya faɗi wurin da lokacin. Shirun rediyo kuma ba ya nufin hanya lafiya, ramin da ya kafe mota biyar ba zai shiga labarai ba.

Malam Buba direba: Ni ga yadda zan yi in ni ne kai. Litinin bayan la'asar ka je tasha ka tari masu shigowa, ka karɓi lambar mutum biyu. Ka sa mai shinkafar a Maga ya samo maka lambar wani a Girbidik, mai shayi ko mai faci a bakin hanya, su ne ke ganin kowace mota da ta wuce. Talata bayan sallar asuba ka kira Maga da Girbidik: an yi ruwa cikin dare? Mota ta fito daga wurinku yau? Talata kasuwar Pus ce, motoci za su yi sammako, ka bar su su riga ka, ka kira ɗaya daga cikinsu. Har Bogo kwalta ce, ka tsaya a can ka sake tambaya kafin ka sauka ƙasa. In an yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, ka ɗaga tafiyar. In kuka tarar da ruwa mai gudu a kan radiye, simintin nan da ake shimfiɗawa a cikin mayo don motoci su tsallake, yaron mota ya shiga da sanda a ga zurfinsa, in ya kai gwiwa yana jan ƙafa, shi ma ya fito, ku jira. Mota in ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, injin zai sha ruwa ya lalace. Kuma kafin ka yi lodi a Maga ka sake tambaya daga farko, don hanyar da ka bi da safe wayam ba ita za ka bi da tan 2 ba.

Hajiya Dudu: Malam Buba, ni da zan ce ya tafi tun Litinin ya kwana a Maga, ya yi lodi da sassafe ya fito kafin hadarin yamma. In ya jira motocin kasuwa, dawowarsa za ta faɗa la'asar.

Malam Buba direba: Hajiya, in kuma aka yi ruwa daren Litinin fa? Ya makale a can, kuɗin hayar mota yana tafiya.

Hajiya Dudu: Gara ya makale a gari da shinkafa a rumfa da ya makale a daji da ita.

Sani, Domayo: Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na kira mai shinkafar, ya ce an yi ruwa jiya da dare amma motoci biyu sun shigo yau da hantsi. Zai turo min lambar wani mai faci a Girbidik. Maganar Litinin ko Talata zan kai wa Baba da mai motar, su yanke. Tamfol kam zan ɗauki biyu.