A baki an ce dubu 200, takarda ta ce miliyan 2.4 a shekara: me zan rubuta a amsata?

Sadiƙu Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan nake so su ba ni labari. Shekarata uku ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Gombe. Wani kamfanin taki da iri ya kira ni intabiyu, aikin kula da sito da lissafin kaya, manajan ya ce min da bakinsa dubu 200 ne a wata. Jiya ofa ta shigo ta imel: naira miliyan 2.4 a shekara, wata shida na gwaji, wurin ranar fara aiki kuma an ce nan take. An ba ni kwana biyar in amsa a rubuce. Na raba kuɗin gida 12, ya ba ni dubu 200 cif, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Baba ya ce in rubuta na gode na karɓa kawai, kada a ga kamar na cika son kuɗi tun ban shiga ba. Ku da kuka riga ni, me kuka rubuta?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da Baba ya ce maka shi na yi a wani asibitin kuɗi a Bauchi, layi biyu na rubuta na sa hannu. An ce min dubu 120. Ƙarshen wata alat ya shigo dubu 72. Na je wurin mai lissafin albashi ina zaton kuskure ne, ya buɗe fayil ɗina ya nuna min wani layi a shafi na uku: lokacin gwaji kashi 60 ake biya. Sa hannuna na ƙasan shafin. Wata uku aka ce gwajin, amma takardar ba ta faɗi abin da zai biyo bayan wata ukun ba, sai da na yi wata bakwai kafin a ba ni takardar tabbatarwa, kuma ba a biya ni cikon ba. Ka tambaya ko albashin gwaji daidai yake da na bayansa, da kuma wanda zai rubuta maka cewa ka gama.

Baba Ado Kumo:
Yaro, kada ka ba kowa ko sisi a kan takardar ɗaukar aiki. Ɗan ƙanwata ya sayar da babur ya biya, aka miƙa masa ofa mai tambari har da hatimi, ya je kama aiki aka ce babu sunansa.

Sadiƙu Tudun Wada:
Allah Ya kyauta Baba. Ni ba wanda ya nemi kuɗi a wurina, har siton na shiga na gani da idona.

Malam Habu Akanta:
Sadiƙu, ofar ba ta zo da jadawalin da aka rarraba kuɗin ba? Kwafo min shi yadda yake.

Sadiƙu Tudun Wada:
Akwai Malam. Asalin albashi da kuɗin gida da na mota sun haɗa miliyan 1.8. Sauran alawus dubu 360. Sai kuɗin hutu da na ƙarshen shekara dubu 240.

Malam Habu Akanta:
To ga inda gizo ke saƙa. Dubu 240 ɗin nan ba wata-wata ake ba da ita ba, sai ka je hutu ko shekara ta ƙare. Cire ta, saura miliyan 2 da dubu 160, wato dubu 180 a wata. Tun ba a taɓa komai ba dubu 20 ta fita daga abin da ka sa rai.

Sai fansho. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10, kuma yawanci a kan asalin albashi da kuɗin gida da na mota ake lissafawa. Naka dubu 150 ne a wata, za a cire dubu 12. Wannan ba asara ba ce, asusunka na fansho take shiga, amma ba za ka sayi shinkafa da ita wannan watan ba.

Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki Janairun 2026, dubu 800 ta farko a shekara ba haraji, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kashi 15 ne. In aka cire fanshonka na shekara, dubu 144, daga miliyan 2.4, aka kuma cire dubu 800, saura miliyan 1 da dubu 456. Kashi 15 ɗinsa dubu 218 da 400, wato dubu 18 da 200 a wata. In kana haya kana da rasit zai ɗan ragu.

Abin da zai shigo hannunka kenan wajen dubu 149 da 800. Manajan bai yi maka ƙarya ba, kuɗin da kamfani ya rubuta ya faɗa, kai kuma kuɗin cefane ka ji. Abu ɗaya da zan so ka tabbatar shi ne kashi 10 na mai aiki. Na ga inda ake cusa shi cikin jimlar shekara don ta yi kauri. A jadawalinka ban gan shi ba, alama ce mai kyau, duk da haka a rubuta maka.

Usman Jekadafari:
Ni a ganina an tsawaita. Doka ta tilasta wa mai aiki ya ba ka cikakkun sharuɗɗa a rubuce cikin wata uku, don haka ka karɓa, sauran za su biyo. Makarantar ma notis na mako biyu ya ishe su tunda shekararka uku, haka dokar ƙwadago ta ce. Aiki na wahalar samu, kada garin neman gira a rasa ido.

Anti Balkisu:
Usman, wata ukun nan gaskiya ne, sashe na 7 na dokar ƙwadago ne. Sai dai ka duba lokacin: wata uku bayan ya fara aiki, alhali ya riga ya ajiye na makaranta. In sharuɗɗan suka zo ba su yi masa ba, ina zai koma? Kuma dokar ta fi tsayawa kan lebura da masu aikin akawu, masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru abin da ke cikin takardarsu shi ake bi. Mako biyun ma mafi ƙaranci ne ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar. In takardarsa ta makaranta ta ce wata ɗaya, wata ɗayan ne a kansa.

Shekara tara ina ofishin ma'aikata, ni nake tura irin waɗannan takardu. Ban taɓa janye ofa don mutum ya nemi bayani cikin ladabi ba. Wanda ke ba mu wahala shi ne mai sa hannu shiru, ranar albashi ya zo yana rantse-rantse.

Amma ka rarrabe abu biyu, Sadiƙu. Neman a tabbatar da abin da aka riga aka faɗa daban, sauya sharaɗi daban. In ka rubuta na karɓa amma zan fara ranar kaza, alhali su nan take suka ce, ba karɓa ka yi ba, sabon tayi ka miƙa musu, suna iya cewa a'a su kira na bayanka. Don haka kada ka haɗa su a wasiƙa ɗaya. Yau ka tura tambayoyinka, kana nuna kana son aikin. In sun amsa, sannan ka rubuta ta karɓa, kana maimaita lambobin da ranar.

Sadiƙu Tudun Wada:
Na tono takardar makarantar Anti. Wata ɗaya ne, ko in biya albashin wata. Ga jarrabawar zango saura mako uku, ba zan so in bar yaran a tsakiya ba.

Nasiru Azare:
Maganar rana ita ta ƙona ni. Kiran waya aka yi min aka ce in zo farkon wata. Na ajiye aikina a Azare, na kama ɗaki a Pantami na biya shekara, na kwaso iyali. Da na je aka ce kuɗin aikin bai sauka daga hedikwata ba, in ɗan jira. Wata biyu da kwana goma na yi a zaune, ba albashi can ba albashi nan, sai da maiɗakina ta sayar da ɗan kunnenta. Da na yi magana aka tambaye ni inda aka rubuta ranar, ba ni da abin nunawa. Nan take ba rana ba ce. A sa maka kwanan wata da lamba, a kuma faɗi ranar da albashi zai fara lissafi, don wani wurin in ka shiga bayan an rufe lissafin wata sai wata na gaba a haɗa maka. Kuma kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai ranar tana hannunka.

Maman Ilham:
Ka ƙara da wurin aiki. Irin kamfanonin nan da damina suna tura mutum Bajoga ko Dukku, in ba a rubuta kuɗin tafiya ba daga aljihunka zai fita.

Anti Balkisu:
Ga yadda ta karɓar za ta kasance, ka juya ta Turanci. Ka buɗe da godiya, ka ambaci muƙamin da kwanan watan da ke kan ofar. Sai ka ce: na karɓi wannan aiki a kan naira miliyan 2.4 a shekara kafin a cire fansho da haraji, inda dubu 180 za ta riƙa zuwa duk wata, dubu 240 kuma sau ɗaya a shekara, kamar yadda kuka bayyana a saƙonku. Zan kama aiki ranar kaza a Gombe. Na fahimci gwaji wata shida ne a kan cikakken albashi, notis kuma kaza ne daga kowane ɓangare. Ka rufe da roƙon su sanar da kai in akwai inda ka fahimta ba daidai ba. Rabin shafi ya isa. Ka tura ta imel ɗin da ofar ta fito, ka sa hannu a kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a naka.

Malam Habu Akanta:
Na yarda da Anti Balkisu, sai dai ni da zan ce ya fara kiran manajan kafin imel ɗin ya isa. Mutanenmu in takarda ta faɗo musu ba sallama sai su ɗauka ƙara aka kai su.

Anti Balkisu:
Ya kira, ba laifi. Amma Malam ka san yadda ake yi, a waya za a ce masa ba komai, Allah Ya kai mu, shi kuma kunya ta hana shi turawa.

Sadiƙu Tudun Wada:
Na yi duka biyun, na kira sannan na tura. Sun amsa da safiyar nan. Abin da zai shigo hannu dubu 149 da 800, daidai da lissafin Malam. Kashi 10 nasu ne daban, gwaji cikakken albashi, wurin aiki Gombe, in an tura ni Kumo akwai kuɗin mota. Ranar ce kawai ba su taɓa ba a imel ɗin. Manajan ya ce min a waya zai jira ni wata ɗaya, amma ya ce ba sai an sake buga ofa ba, maganarsa ta isa. Kwana biyu suka rage min.

Usman Jekadafari:
Mutum ya yi maka wannan karamci, in ka sake matsa masa ai ka nuna ba ka yarda da shi ba.

Nasiru Azare:
Ni ma wanda ya kira ni mutumin kirki ne, an yi masa canjin wurin aiki kafin in iso. Ba sai sun sake buga ofa ba Sadiƙu. Ka tura masa layi ɗaya: kamar yadda muka yi magana, zan fara ranar kaza, don Allah a amsa min. Ko kalma ɗaya ya mayar ta wadatar. In har gobe da la'asar shiru, ka tafi ofishin da ofar a hannu, ya rubuta ranar da biro ya sa hannu a gefe.