"Gyara kayanka" ko "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo"?

Jikar mahajjata, Makka: Na rubuta shafi shida kan kakata da ta taho da ƙafa daga Kano, ta Sudan, ta haura teku a Sawakin. Wani malami ya karanta ya ce shirme ne: shafi biyun farko surutu, na yi kuskure da na ce Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a Sudan, kuma Larabci ya cinye Hausata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wace karin maganar zan bi?

Kawu na Jidda: 'Yata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki gyara duka ukun, malami ya fi ki sani.

Tsohuwar malamar makaranta: Kawu, da gyara a maganarka. Wanda aka ce wa gyara kayanka, kaya na nan a kansa, shi zai taɓa ya ji ta inda suka karkace.

Batun Mai Wurno ba ya buƙatar shawara. An kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya isa Sudan ya kafa garin a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Ko da zagi aka faɗa miki, ki gyara yau.

Shafi biyun nan kuwa, ki ajiye rubutun kwana uku zuciya ta huce, sannan ki ba mutum biyu da ba su ji hukuncin malamin ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ji kunyarki. Ki ce su sa alama inda hankalinsu ya fara tafiya wani wuri. In alamarsu ta faɗa cikin shafukan nan, ya yi gaskiya. Amma sau da yawa mai suka yana gano inda ciwo yake, ya kuskure magani. Wataƙila ba gogewa suke so ba, kakar ce ta makara fitowa. Ki sako ta a layin farko da ƙullin kayanta a ka, tarihin hanya ya biyo baya.

Ɗalibi a Madina: Ni ma an taɓa ce min na tona asirin gida da na rubuta kan mahaifina. Yaya, kada ki cire komai, mai ɗaki shi ya san yoyonsa.

Jikar mahajjata, Makka: Ƙanina, ba a ce na tona asiri ba. Inna, Larabcin fa? Kakata "khalas" da "ya'ani" take cewa, haka na ji ta.

Tsohuwar malamar makaranta: A bakinta ki bar su, nan ke ce mai ɗaki. A naki bayanin, inda Hausa ke da kalma ki yi amfani da ita.

Kawu na Jidda: Ban yarda ba. Mai karatu a Katsina zai yi tuntuɓe ko a bakin wa aka sa su.

Jikar mahajjata, Makka: Zan tura wa ɗiyar gwaggona a Katsina ta sa min alama. Na riga na gyara Mai Wurno.