An yi min kutse a Facebook, kuma da shi nake shiga TikTok ɗin kasuwancina

Maman Ilham: Salam ƴan uwa dan Allah a taimaka min da shawara. Jiya wani ya ƙwace min Facebook, ya canza fasawod da imel da lambar waya duka. Matsalar shine da shi na buɗe TikTok ɗin da nake tallan atamfa da leshi, na danna "Continue with Facebook" ne kawai lokacin, ban taɓa sa fasawod ba, haka Spotify ma. Har yanzu dai suna buɗe a wayata. Ƙanina yace in kai wayar a yi mata filashin ko akwai abin da aka sa mata. In kai? Kuma su ma sun tafi kenan?

Abban Sadik: Wa alaikumussalam Hajiya. Kar ki kai wayar nan ko ina tukuna, kar ki danna "Log out", kar ki goge manhajar, kar ki danna "Clear data". Abin da yasa suke buɗe har yanzu shine ranar da kika shiga, Facebook ya shaida wa TikTok cewa ke ce, shi kuma TikTok ya ajiye wa wayarki izinin zama nasa na kansa, baya komawa wajen Facebook kullum ya tambaya. To wannan izinin shine kaɗai ya rage a hannunki, da an yi filashin ya tafi, in kin zo shiga kuma za a tura ki Facebook ɗin da ba ya hannunki.

Kuma ki sani shi ɓarawon yanzu in ya sauke TikTok a wayarsa ya danna wannan maɓallin, shi Facebook zai shaida a matsayin ke. Shi yasa nake so ki bar komai ki fara da wannan yau ɗin nan.

Ummu Hanan: Innalillahi sannu ƴar uwa. Akwai wani yaro a unguwarmu yana dawo da Facebook, dubu biyar yake karɓa, in kina so in haɗa ku

Abban Sadik: Ummu Hanan kiyi haƙuri amma kar ta biya kowa, da yawansu kuɗin zasu ci, wasu ma su ce ta turo musu lambar da aka aiko mata ta tes su ƙara da WhatsApp ɗinta. Hanyar da kamfanin ya tanada kyauta ce, facebook.com/hacked, kuma ta shiga da wayar da ta saba shiga da ita don sun san wayar. Ta kuma duba tsohon imel ɗinta har cikin "Spam", in an canza imel suna aika saƙo tsohon adireshin da mahaɗin da zaka danna kace ba kai ka canza ba. Kin ga wannan ma wani dalilin ne na ƙin taɓa wayar.

Danjuma Gem: ni a ganina abu mai sauƙi ne ai, ta buɗe sabon Facebook da sunanta sak da tsohon imel ɗin tunda ɓarawon ya cire shi, sai ta shiga da shi, ai suna da imel suke dubawa

Abban Sadik: Danjuma ba suna suke dubawa ba. Facebook yana ba kowace manhaja wata doguwar lamba ce da take wakiltar akawun ɗinka, da ita suke gane ka. Sabon akawun sabuwar lamba, ko da sunan da hoton iri ɗaya ne, sai dai su buɗe mata sabon TikTok fanko babu mabiyi ko ɗaya. Inda kake da gaskiya shine maganar imel, wasu manhajojin suna ajiye imel ɗin da Facebook ya basu ranar buɗewa. Spotify haka yake, ta je wajen manta fasawod ta sa imel ɗin da yake kan Facebook ɗin lokacin da ta buɗe, zasu aiko mata ta ƙirƙiri fasawod, daga nan ta daina buƙatar Facebook ɗin. Amma in da lambar waya kaɗai ta buɗe Facebook babu imel, to nan ne aikin yake tsauri sai ta yi musu magana.

Maman Ilham: Na gode Abban Sadik Allah ya saka. Imel ɗin yana nan a wayata. To TikTok ɗin ina zan shiga, ni ban iya saitin nan sosai ba wallahi

Abban Sadik: Ki shiga "Settings and privacy" sai "Account". A nan ki sa lambar wayarki da imel, zasu turo lamba ta tes ki saka, daga nan ki sa fasawod sabo wanda ba irin na Facebook ɗin ba. Lambar da zaki sa ki tabbata layin da sunanki da NIN ɗinki aka yi masa rajista, don in ya ɓata ki iya yin welkom bak, kar ki sa layin miji ko na ƙani. Bayan haka ki je ɓangaren tsaro ki buɗe "Manage devices", duk wayar da baki sani ba ki cire ta, ki kunna "2-step verification". In kin ga inda aka nuna Facebook a jone kuma sun bada damar cirewa ki cire, amma sai bayan kin sa lambar da fasawod ɗin, ba kafin ba. In kina son tabbatarwa ki gwada shiga da sabon fasawod ɗin a wata wayar ta gida, taki kuwa ki barta a buɗe.

Danjuma Gem: gaskiya ne wannan maganar ta fara sa lamba da fasawod, ni abinda ya ci ni kenan. wani gem nake bugawa na kashe kuɗi sosai a kai, da Facebook kaɗai na jona shi, da nawa ya salwanta ban damu ba tunda gem ɗin yana buɗewa, sai da na canza waya sannan na ga babu ƙofa. da na rubuta musu sai suka ce in kawo lambar ɗan wasa da rasit ɗin sayayya da irin wayar da na fara bugawa da ita, rasit ɗaya na samu a imel, har yau muna kan magana. Hajiya ki ɗauki hoton shafinki na TikTok da sunan akawun ɗin ki ajiye tun yanzu

Hajiya Kaka: Ni abin da yake ɗaure min kai, in mutum da kansa ya goge Facebook ɗinsa ko aka rufe masa fa? Ƴata tana son goge nata kuma duk da shi take shiga abubuwa.

Abban Sadik: Hajiya kusan duk ɗaya ne, bambancin kawai babu ɓarawo a ciki. Akawun ɗin nata na sauran manhajojin basa gogewa, suna nan a wajen masu su, hanyar shiga ce take toshewa. Ko ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya kusan awa 6, masu shiga wasu manhajoji da Facebook sun maƙale su ma. Kafin ta goge ta shiga saitin Facebook ta nemi "Apps and websites", zata ga jerin duk inda ta taɓa shiga da shi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta sa imel da fasawod. In ma ta riga ta danna gogewa suna bada kwana 30 da mutum zai iya fasawa.

Ummu Hanan: To ni dai duk nawa da Google nake shiga, ai yafi tsaro ko?

Danjuma Gem: matsalar ɗaya ce, in Gmail ɗin ya tafi ma yafi muni don duk saƙon canza fasawod can yake zuwa. amma ni ma yanzu shi nake amfani da shi, ban ga wata mafita ba sai dai a kunna masa matakin tsaro na biyu

Maman Ilham: Alhamdulillah na sa lamba da fasawod a TikTok, kuma wallahi na ga wata waya a jerin da ba tawa ba, na cire ta. Spotify ma ya yi. Facebook ɗin ne dai sun ce in tura hoton katin shaida, na tura ina jira. Dan Allah duk wanda aka turo masa saƙo da sunana ana neman kuɗin kaya kar ya tura, ba ni bace.

Abban Sadik: Madalla. Tunda ya riga ya shiga ki duba saƙonninki na TikTok ɗin da bayanin da ke saman shafin ko ya sauya lambar da kwastomomi suke kira, kuma ki yi gajeren bidiyo ki sanar da su. Gobe ki sake leƙa "Manage devices", in wayar ta dawo to ƙofar Facebook ɗin tana buɗe har yanzu, ki faɗa mana mu ga yadda za a yi.