Ina ganin ɗalibaina sarai, su kuma sai su ce hotona yana daskarewa

Maman Yara, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani ta Zoom daga gidana a Jos, bayan sallar isha'i, su huɗu ne, duk a Abuja suke. Ni ina ganinsu ina jinsu sarai, amma iyayensu kullum ƙorafi suke cewa hotona yana dusashewa, ya tsaya cak, muryata kuma tana yayyankewa. MiFi nake haɗa laftof da shi, kuma YouTube ba ya tsaya min ko kaɗan. Kashe kyamara ba zai yiwu ba, don dole yara su ga bakina in ina nuna musu mafitar harafi. Don Allah me zan gyara?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Malama. Sabis ne kawai, babu wani abu. Da daddare kowa ya dawo gida ya hau waya, dole ya yi nauyi. Ki ce wa yaran su kashe kyamarorinsu, bidiyo huɗu a lokaci ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne. In kuma da hali ki sayi data mai yawa.

Hajiya Babba:
'Yata, ki goge idon kyamarar tukuna. Ni ma haka jikokina suka yi ta cewa ba sa ganina, ashe maiƙon hannu ne a kai, ga shi kuma ina zama na ba taga baya, fuskata ta yi baƙi ƙirin. Da na juya na fuskanci haske shi ke nan.

Injiniya, Kubwa:
Hajiya, maganarki gaskiya ce game da dusashewa, rashin haske yana sa hoto ya yi yashi-yashi. Amma datti a kyamara ba ya daskarar da hoto, ba ya kuma yanke murya, don haka na Malama daban ne.

Malama, amsar tana cikin abin da kika faɗa da bakinki: ke kina ganinsu, su ba sa ganinki. Layin intanet hanya biyu ne, akwai ta saukowa zuwa gare ki, akwai ta fita daga wurinki. Hotunan yaran ta hanyar saukowa suke zuwa, kuma ga shi tana lafiya. Hotonki da muryarki ta hanyar fita suke tafiya, nan ciwon yake. Shi ya sa, ɗan uwa na Gangare, ko duk yaran sun kashe kyamara da wuya a ga canji, an rage wa hanyar da ba ta da cunkoso kaya ne. Yawan data ma ba ya ƙara gudu, sai dai in irin tsarin nan ne da ake rage wa mutum gudu bayan ya cinye wani kaso.

Shi kuwa YouTube kada ya ruɗe ki. Na farko, saukowa yake yi. Na biyu, kamar mai tanki ne a gida: yana tara bidiyon gaba ya ajiye, ko famfo ya ɗauke na daƙiƙa biyar ba za ki sani ba. Kiran bidiyo ba shi da wurin tari, abin da kika furta yanzu dole ya isa yanzu, wanda ya makara an zubar da shi. Wannan zubarwar ita ce yankewar da iyayen suke ji.

A layin waya hanyar fita ita ce mai rauni tun asali. Eriyar kamfani tana magana da ƙarfi, shi kuwa MiFi ƙarfin da yake aikawa da shi bai wuce wat 0.2 ba. Sai ki ga sandunan sabis sun cika, domin shi yana jin eriya, amma ita eriyar da ƙyar take jinsa ta cikin bango da kwanon rufi. Balle a Jos da dutse kan shiga tsakanin gida da eriya.

Kafin ki kashe ko sisi, ki auna. Ki buɗe fast.com a laftof ɗin, in lambar farko ta fito ki danna "Show more info". Ki rubuto mana "Upload", da lambobi biyu da ke ƙarƙashin "Latency", wato "Unloaded" da "Loaded". Ki yi da safe, ki kuma yi daidai lokacin darasi, a wurin da kike zama. Sannan ana cikin darasi ki shiga "Settings" na Zoom, ki je "Statistics", ki danna "Video". Akwai layi biyu, "Send" da "Receive". Na "Send" nake so. Ki gaya min kuma ina MiFi ɗin yake ajiye, da su wa ke kansa.

Maman Yara, Unguwar Rogo:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Da safe saukowa 21 Mbps, "Upload" 5. Da daddare saukowa 14, "Upload" 0.7, "Unloaded" 65 ms, "Loaded" 900 ms. A Zoom kuwa wajen "Send" na ga "Packet Loss" yana kaiwa 9%, "Jitter" 120 ms, wajen "Receive" kusan babu komai. MiFi yana uwar ɗaka a jikin caji, ni ina falo. Maigida da ƙanwata da babban ɗana duk suna kai.

Injiniya, Kubwa:
To alhamdu lillahi, ga cutar a fili. Zoom da kansu sun ce kiran mutane da yawa yana son kusan 1 Mbps na fita don hoto mai kyau na yau da kullum, in kuma 720p ne, 2.6 Mbps. Ke kina da 0.7. Ma'aunin da ake bi shi ne "Packet Loss" kada ya wuce 2%, "Jitter" kada ya wuce 40 ms. Naki 9 cikin ɗari na ɗaurin bayanan da kika tura ba sa isa, waɗanda suka isa ma ba a jere suke zuwa ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 65 da 900 ɗin nan. In layin ba kowa, saƙo yana zuwa ya dawo cikin 65 ms, lafiya lau ke nan. Da an ɗora masa kaya sai ya koma kusan daƙiƙa guda. Ma'ana MiFi ɗin yana jera kaya a layi, muryarki kuma tana bin bayan duk abin da ya riga ta. Mutum uku ne a kansa ban da ke. Wanda ke kallon bidiyo bai cika cutar da ke ba. Mai cutar da ke shi ne wanda wayarsa ke turawa: ɗora bidiyo a sitatus, aika hotunan biki, ko Google Photos da ke kwashe hotunan waya zuwa sama da zarar ta ga Wi-Fi. Waya ba ta san MiFi data ce ta kuɗi ba, gani take intanet ne na kyauta, sai ta saki jiki. Mai wayar ma bai san tana yi ba, tana aljihunsa.

Ga yadda zan bi in ni ne. Lokacin darasi kowa ya sauka daga MiFi, ba ajiye waya ba, a kashe Wi-Fi ɗinta gaba ɗaya. A laftof ɗin ma in akwai OneDrive ko Google Drive ki dakatar da su. Ki fito da MiFi daga uwar ɗaka ki ɗora shi a taga, sama-sama. Ki gwada tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya da fast.com, wadda ta ba da "Upload" mafi girma nan ne mazauninsa, ba ruwanki da sanduna. In teburinki zai matsa kusa, ki haɗa shi da laftof da igiyar USB, yawancinsu suna ba da intanet ta nan, kin huta da bangon da ke tsakani da kuma Wi-Fi na maƙwabta. A Zoom, ƙarƙashin "Video", ki cire alamar da ke kan "HD". Fuska a 360p da ke tafiya sumul ta fi 720p mai tsayawa, kuma in kin matso kusa da kyamara leɓɓanki za su fito.

Nan maganar Hajiya ta dawo da amfani. Hoton ɗaki mai duhu cike yake da ɗigo-ɗigo masu motsi, manhajar kuma tana ɓata ɗan abin da take da shi wajen tura su. Ki sa fitila mai caji a gabanki, bayan laftof, ki zauna gaban bango mara tarkace, labule ko fanka ba sa motsi a bayanki.

Mai Shagon Waya, Taminus:
Ni dai da za ta ji tawa, ta koma WhatsApp. Akwai "Use less data for calls" a cikin "Storage and data", kwastomomina da ke da raunin sabis shi nake kunna musu. Wasu kuma su zo suna kukan hoto ya dusashe alhali sabis ɗinsu ƙarfi gare shi, in na duba sai in ga wannan ɗin ne a kunne, in kashe. Sannan Malama ki duba ko kin sa hoton bango na ƙarya a bayanki, tsohon laftof ba ya iya ɗaukarsa, za ki ji fanka tana ihu hoto yana tsalle ko da sabis lafiya yake.

Injiniya, Kubwa:
Batun bangon ƙarya daidai ne, a shafin "Overall" na "Statistics" za ta ga yadda "CPU" yake, in ya cika ta cire. Komawa WhatsApp kuwa zai rage nauyi, amma ba zai hana layin nan na daƙiƙa guda ba muddin wani yana turawa. Kuma ba ya nuna lambobi, in ya lalace sai dai zato.

Maman Yara, Unguwar Rogo:
Jiya na gwada. Ashe wayar ƙanwata ce ke tura hotuna, na ga "Backup" ɗinta yana ta juyi. Na sauke kowa, na kai MiFi tagar kicin da ke kallon titi, na cire "HD". Igiyar ba ta kai ba. "Upload" ya koma 1.9, "Packet Loss" 1% zuwa 2%. Mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta ce ta ga bakina sarai har muka yi nisa. Sai dai wajen ƙarfe tara abin ya sake yankewa na ɗan lokaci, ya koma 6%, alhali ba kowa a kai sai ni.

Ɗan Gangare:
To kun gani, cunkoson dare da na faɗa. Malama ki canza layi kawai, mu nan wani kamfanin ya fi wani nesa ba kusa ba.

Injiniya, Kubwa:
Wannan saura da alama naka ne, ɗan uwa, tunda da safe 5 take samu a ɗakin da ya fi muni. Eriya ɗaya mutanen unguwa ke rabawa, kuma ba saitin da zai gyara wannan daga cikin gida. Amma layin da ya yi kyau a Gangare ba lalle ya yi a Unguwar Rogo ba, kowa da eriyar da ke kallonsa. Malama, kada ki saya tukuna. Ki ari wayar maƙwabciya mai wani layin, ki kunna "Hotspot" a tagar kicin ɗin da ƙarfe tara, ki auna "Upload". Akwai kuma yiwuwar MiFi ɗin yana faɗawa 3G in 4G ya yi rauni. In haka ne, a shafin saitinsa ana iya kulle shi a 4G kaɗai. Ki duba abin da fuskarsa ta rubuta daidai lokacin da ya yanke.

Hajiya Babba:
Ko ki roƙi iyayen a dawo da karatun bayan la'asar, ko da ranar Asabar da Lahadi ne.

Maman Yara, Unguwar Rogo:
Hajiya, biyu daga cikinsu sai magariba suke dawowa daga makaranta saboda cunkoson hanyar Nyanya, amma zan tuntuɓi iyayen kan ƙarshen mako. Injiniya, nawa ba shi da fuska, ƙananan fitilu ne kawai. Ta ina zan gane ko ya faɗa 3G?